Amsoshin Tambayoyinku: An Kira Ka Intabiyu, Me Za Ka Rubuta?

"Assalamu alaikum. Ni mazaunin Agege ne, na karanta akanta kuma na gama bautar ƙasa bara. Ranar Litinin da yamma wata mata ta turo min imel wai in zo intabiyu ranar Alhamis ƙarfe 10, amma ba ta faɗi wurin ba, ba ta ce ko ta waya ne ko ofis zan je ba. Yau Laraba ban ba ta amsa ba, ina tsoron in yi tambaya a ce na cika rawar kai. Me zan rubuta mata?"

Mai gabatarwa: Wa'alaikumus salam ƙanina na Agege. Haba ƙanina, tun Litinin? Yau Laraba fa, gobe ne ranar. Wallahi da kana gabana da na ɗan ja maka kunne, aikin da ka yi ta addu'a a kai ya ƙwanƙwasa ƙofa kai kuma ka yi shiru. To masu sauraro irin wannan wasiƙa mun samu wajen guda shida a wannan makon, shi ya sa za mu ɗan daɗe a kanta. Muna tare da Hajiyarmu wadda ta yi shekara da shekaru tana aikin ɗaukar ma'aikata a nan Legas. Hajiya barka da zuwa, bismillah.

Hajiya: Barka kadai Malam. Abu na farko dai ya ajiye rediyon nan ko ya rage murya ya ba ta amsa yanzu yanzu. Ƙa'ida ita ce ranar da saƙo ya shigo ranar za ka amsa, in ya yi nisa to washegari da safe. Mutane ba su san yadda abin yake ta ɓangarenmu ba, ni ina da manaja da ya ba ni awa uku kacal ranar Alhamis, na raba su ga mutum biyar ko shida, in mutum bai amsa ba har kwana biyu to ni ban sani ba ko ya samu wani aikin ne ko saƙon ya faɗa Spam, sai in ba wani gurbinsa. Ba mugunta ba ce, manajan ba zai zauna yana jiran kujerar da babu kowa ba.

Mai gabatarwa: To batun tsoron tambayar fa Hajiya, nan ne ya maƙale.

Hajiya: Yawwa, ai a kan tambayar nan na tuna wata yarinya, yarinya mai ƙoƙari wallahi, takardunta duk sun cika. Mu ofishinmu a Ikeja yake, amma kamfanin da ke neman ma'aikacin a Lekki yake, don mu kamar dillalai ne, mu ke nemo wa kamfanoni mutane. To ta ga adireshinmu a ƙasan imel sai kawai ta taho Ikeja, ƙarfe tara da rabi ta iso tsaf da ita, na ce Innalillahi, can Lekki ake jiranki ƙarfe 10. Kuma laifinmu ne don ba mu rubuta mata wurin ba, har yau abin yana damuna. Na kira su na roƙa aka ɗaga zuwa azahar, ta isa a gajiye ga gumi, Allah Ya sa dai...

Mai gabatarwa: Hajiya lokaci, lokaci. Bari in ɗauko zaren. Abin da labarin nan ke nuna maka ƙanina shi ne wadda ta rubuto maka ɗin mai yiwuwa ba a kamfanin take ba ma, kuma ita ma mutum ce tana mantuwa. Tambayar wuri da yadda za a yi intabiyun ba rashin kunya ba ne, babu mai ɗaukar aiki da zai ji haushin ta. Ka ɗauko biro, zan karanto maka yadda ni zan rubuta, kai sai ka juya shi da turancin da aka rubuto maka. Kada ka buɗe sabon imel, ka danna Reply a kan wanda ta turo don maganar ta zauna wuri ɗaya, in kuma ka ga ta saka wasu a layin Cc to Reply All za ka danna, don watakila manajan da zai yi maka tambayoyin yana ciki. Ka fara da gaisuwa da sunanta kamar yadda ta sa hannu, sai ka ce:

"Na gode da gayyatar da kika yi min ta intabiyu a kan aikin akanta. Ki gafarce ni da jinkirin amsa. Ina tabbatar miki zan samu halarta gobe Alhamis, 14 ga wata, ƙarfe 10 na safe. Don in shirya yadda ya kamata, ina so in san ko a ofis za a yi ko ta bidiyo. In a ofis ne ina roƙon cikakken adireshi da sunan wanda zan nema a bakin get, in ta bidiyo ne ina roƙon a turo min link ɗin. Sannan ko akwai jarrabawa ko takardun da zan riƙo? Ga lambar wayata."

Sai cikakken sunanka a ƙasa. Shi ke nan fa. Ita 14 ɗin nan misali na ba da, kai ka duba kalanda ka sa ta gaskiya. Zan maimaita don masu rubutawa: godiya, sunan aikin, ranar da kwanan wata da ƙarfe nawa, sannan tambaya. Ba tarihin rayuwarka ba, ba "don Allah a taimaka min ni maraya ne" ba, wannan ba wurinsa ba ne.

Hajiya: Kuma Malam ka ga yadda ka sake rubuta ranar da lokacin da bakinka, wannan shi ne zuciyar saƙon. Yaranmu sai su turo kalma ɗaya, wai sun gani, ko su turo hoton babban yatsa. Ka gani, to za ka zo ne ko ba za ka zo ba? In ka rubuta Alhamis 14 ga wata alhali ni Juma'a 15 nake nufi na yi kuskure, nan take zan gani in gyara tun ba a yi asara ba. Kuma a rubuta sunan watan da harafi, kada a ce 3/4, don mu nan 3 ga Afrilu ke nan amma Ba'amurke 4 ga Maris zai karanta.

Mai gabatarwa: Ni ma abin da ya sa na matsa a kan a ofis ne ko ta bidiyo, Legas muke. Daga Agege in aka ce Victoria Island ƙarfe 10, ka biyo Oshodi ka hau gadar Third Mainland da safe cikin gosulo, ai mutum yana idar da sallar asuba zai kama hanya, ga kuɗin mota, ga wasu gine-ginen sai ka nuna katin shaida an rubuta sunanka kafin ka hau bene. In kuma ta bidiyo ne shirin daban ne, ka san Zoom ne ko Google Meet ko Microsoft Teams, ka sauke shi a waya tun dare ka gwada, ka sayi data, ka cika caji don nepa ba ta da alkawari, ka nemi ɗakin da babu ƙarar janareton maƙwabta. Shiri biyu ne mabambanta, ba za ka san wanda za ka yi ba sai ka tambaya. Kuma kai akanta ne, in akwai gwaji a Excel gara ka sani yau ka kwana kana bita.

Hajiya: Tunda gobe ne kuma, in ya tura bai ji komai ba zuwa la'asar, ya kira lambar da ke ƙasan imel ɗin kafin a tashi aiki. Kira ɗaya, cikin ladabi, ba ya yi ta filashin ba.

Mai gabatarwa: Ka ji ko ƙanina. Allah Ya ba da sa'a, ka rubuto mana yadda aka yi. Sai ta gaba, daga wata 'yar'uwa a Idi-Araba: "Kamfanin a Landan yake, sun ce ƙarfe 2 na rana ta Teams. Ƙarfe 2 na wa?"

Kin yi tambaya mai kyau 'yar'uwa. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da na Landan ɗaya ne, amma daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris mun riga su da awa ɗaya, wato ƙarfe 2 nasu ƙarfe 3 namu ne. A amsarki ki rubuta duka biyun, ki ce ƙarfe kaza agogon Landan wato ƙarfe kaza agogon Najeriya, ki nemi su tabbatar. In sun turo gayyatar kalanda ki danna Accept, za ta nuna miki lokacin da agogon wayarki, amma duk da haka ki rubuta layi biyu.

Wani bawan Allah daga Mile 12 ya ce: "Sun sa min Juma'a ƙarfe ɗaya da rabi, lokacin masallaci ne. In na ce ba zan iya ba za su cire ni?" Hajiya a taƙaice.

Hajiya: Kada ya ce ba zai iya ba ya yi shiru, nan ne ake rasa gurbi. Ya yi godiya, ya ce wannan lokacin ya ci karo da sallar Juma'a, sannan shi ya kawo wasu lokutan guda biyu, misali ranar Juma'ar ƙarfe 11 na safe ko Litinin kowane lokaci. A Legas kowa ya san Juma'a, ni kaina na sha ɗaga wa mutane. Abin da ba na so shi ne mutum ya amsa ya ce zai zo sannan ranar ya ɓace, wannan kam ina tuna sunansa.

Mai gabatarwa: Daga Obalende: "Saƙon tes ne ya shigo min ba sunan kamfani, an ce in zo gobe da naira dubu biyar kuɗin fom." Ɗan'uwa riƙe kuɗinka. Ka tambaye su sunan kamfanin da aikin da suka ce ka nema, in suka kasa faɗa kada ka taka ƙafarka can, kuma mai ɗaukar aiki na gaskiya ba ya karɓar kuɗin intabiyu.

Wata kuma daga Apapa: "Zan iya tambayar albashi a cikin amsar?" A ra'ayina a'a ƙanwata, bari sai kin zauna da su tukuna. Ga shi ana ɗaga min hannu daga bayan gilashi lokaci ya cika, sauran wasiƙun da ba mu kai gare su ba suna nan a ajiye sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Hajiya mun gode ƙwarai, a gaida gida.

Hajiya: Gida zai ji. Shi dai na Agegen nan ya tura saƙon nan yanzu.