Taliya wara-wara: ruwa nawa ƙulli ɗaya yake sha?

Nana: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da war haka daga nan Maraɗi. Yau ina tare da Gwaggo Rabi, wadda ta daɗe tana girkin biki da suna, da kuma Sanusi mai sayar da taliya da wake a bakin tasha. Gwaggo, da matsala na zo miki. Ran Juma'a na yi baƙi, na dafa sufageti leda 2, ta fito a dunƙule, sai da na sa wuƙa na yanka. Wallahi abin ya dame ni.

Gwaggo Rabi: Wa alaikumus salam. Ayya, sannu ɗiyata. Kafin komai, a wace tukunya kika dafa, kuma ruwa nawa kika zuba?

Nana: Tukunyar da nake miya. Ruwa kuwa gorar nan ta lita ɗaya da rabi na juye sau 2.

Gwaggo Rabi: To kin ga lita 3 ke nan. Ledar sufageti ɗaya giram 500 ce, leda 2 kilo guda cif. Kilo guda a ruwa lita 3! Ai tun kafin ki hura wuta taliyar nan ta riga ta caɓe. Ma'aunin da aka sani shi ne, kowane giram 100 na taliya yana son ruwa lita 1. Leda ɗaya lita 5. Naki kilon lita 10 yake nema, kika ba shi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku.

Nana: Lita 5 don leda ɗaya tak? Gwaggo bai yi yawa ba?

Sanusi: Haka kowa yake cewa da fari. Ni da ledar fiyawata nake ƙirgawa tunda rabin lita ce, leda 10 ke nan. Amma Hajiya, a gaya wa mutane gaskiya, lita 4 ma tana yi.

Gwaggo Rabi: Tana yi ƙwarai. Ko lita 3 ga leda ɗaya za a sha, in mutum zai tsaya a kan tukunya yana motsawa. Ƙasa da haka ne ba na yarda, sai fa in dafa-duka ake yi, ita kuma lissafinta daban. Bari in gaya miki abin da ke faruwa a cikin tukunyar, don in kin gane shi ba ki ƙara buƙatar kowa ya tuna miki. Taliya garin alkama ce. Da ta shiga ruwan zafi, garin da ke bayanta yana kumbura ya saki wani abu mai yauƙi, shi ne sitaci, irin wanda ake sa wa shadda ta yi ƙarfi. In ruwa na da yawa, sitacin ya bazu ya tsinke, ba ya iya riƙe komai. In ruwa kaɗan ne, sai ya yi kauri kamar koko, kowane sili ya manne da ɗan'uwansa. Ruwanki ran nan yaya ya koma?

Nana: Fari fat, da kauri, har yana ɗiga a ludayi a hankali.

Gwaggo Rabi: To shi ne shaida. Ruwan taliyar da ta samu wuri gaurayewa kawai yake yi, kamar ruwan wankin shinkafa na biyu. In kin ga ya fara kama ludayi, ruwa ya yi kaɗan. Kuma ki tuna ita kanta taliyar tana sha, nauyinta yana ninkawa har ya wuce biyu. Kilonki ɗaya ya shanye fiye da lita guda daga cikin ukun nan, tururi ya tafi da wani, sauran da me za ta yi iyo?

Sanusi: Akwai kuma maganar wuta. Nana, gaz ne ko gawayi?

Nana: Gawayi ne, gaz ɗinmu ya ƙare.

Sanusi: Kuma da kika zuba taliyar, tafasar ta tsaya?

Nana: Ta tsaya cik. Ya fi minti 5 kafin ta dawo.

Sanusi: A wannan minti 5 ɗin aka yi ɓarnar. Taliya ta kwanta a ruwan da ba ya motsi, bayanta ya jiƙa ya yi danƙo, cikinta bai fara nuna ba. Ni a gawayi ko icce, ba na zubawa sai ruwa ya ɓararraka sosai, irin tafasar da ko ka sa ludayi ba ta kwantawa. Waɗannan 'yan ƙananan ƙwayoyin da ke tasowa a gindin tukunya ba tafasa ba ne, mutane da yawa nan suke gaggawa. Kuma kafin in zuba sai na ƙara gawayi na fifita, don in san wutar za ta ɗauka. Ina zubawa in motsa, in rufe na ɗan lokaci tafasa ta dawo, sannan in buɗe. In ka bar murfi kumfa zai taso ya kashe maka wuta.

Gwaggo Rabi: Motsawar nan ita ce rabin aikin. Minti 2 na farko kada ki je ko'ina, ko waya ta yi ƙara ki bar ta. Lokacin ne sitaci yake fita, lokacin ne sili ke neman sili. Ki sa cokali mai yatsu ko muciya ki ɗaga ta daga ƙasa, ki warware. Bayan nan sau 2 ko 3 ya isa, tafasar da kanta za ta riƙa juya ta. Makaroni kuwa, maka ɗin nan tamu, ita gindin tukunya take kamawa, don haka ki riƙa kai ludayin har ƙasa.

Nana: Amma na zuba mai a ruwan fa. Tun ina ƙarama haka na ga ana yi don kada ta manne.

Gwaggo Rabi: Na sani, gidaje da yawa haka suke yi, ni ma shekaru na yi ina zubawa. Amma ki leƙa tukunyar ki gani, man yana ina? Yana sama yana yawo, taliya tana ƙasa. Ba su haɗu ba balle ya raba su. Kina tsanewa ya bi ruwa ya tafi. Da tsadar man nan, ki adana shi sai bayan an tsane, can ne yake da amfani. Abin da ruwa yake so gishiri ne, kamar giram 10 a kowace lita. Ni a lita 5 babban cokali 2 nake sawa, tunda miyarmu tana da magi da nata gishirin. Gishirin don ɗanɗano ne, ba ya hana mannewa, amma taliyar da aka dafa lami ko wace miya aka zuba mata sai kin ji lamin daga ciki.

Nana: To lokacin saukewa fa? Ni sai na ga ta yi laushi sosai nake saukewa.

Gwaggo Rabi: A nan ma aka ƙara miki. Ki duba bayan leda, akwai mintocin da aka rubuta, sufageti galibi tsakanin 8 zuwa 10 ne, kuma daga lokacin da tafasa ta dawo ake ƙirgawa. Amma ni haƙori na fi yarda da shi. Saura minti 2 ki ciro sili ɗaya ki gatsa, ki dubi tsakiyarsa. In akwai farin gari a fili, da saura. In farin ya koma ɗan ɗigo kamar kan allura, kuma kin ji tana ɗan turje wa haƙori ba tare da ƙaras-ƙaras ba, sauke nan take. Zafin jikinta zai ƙarasa ta a cikin kwando. Wadda kika bari ta yi laushi a kan wuta, kafin ta kai faranti ta wuce.

Sanusi: Kuma ba duk leda ce ɗaya ba. Wadda aka yi da alkama mai tauri, za ka gan ta ruwan ɗorawa, tana karyewa ƙas, tana jure wuta. Wadda ta yi fari-fari ta fi saurin saki, ita sai ka rage mata minti kuma ka ƙara ruwa. Taliyar murji ta gida ma haka, da fulawa ake yin ta, 'yan mintoci kaɗan ta nuna, shi ya sa wasu suke fara turara ta.

Nana: Sai maganar ɗauraya da ruwan sanyi. Ana yi ko ba a yi?

Gwaggo Rabi: In yanzu za a ci, ba na yi. Ɗan sitacin da ya rage a jikinta shi ke riƙe miya, in kin wanke sai miya ta zame ta taru a gindin kwano. Ki tsane a kwando, ki girgiza, ki juye cikin miya ko ki sa mai cokali ɗaya ki juya tun tana turiri. Kada ki bar ta zaune a kwando kina soya albasa, minti 5 ya isa ta zama curi. Miya ce take jiran taliya.

Sanusi: Ni kuwa Hajiya ina ɗaurayewa, don tawa tun safe take zaune har azahar. Ina saukewa saura minti guda, in watsa mata ruwan sanyi mai tsabta zafin ya tsaya, in sa mai kaɗan, in baza a babban tire ta sha iska kafin ta shiga kula. In ka juye ta da zafinta a kula ka rufe, ci gaba take da dahuwa, wanda ya zo da rana tuwo zai samu.

Gwaggo Rabi: Naka daidai ne, mai ajiyewa dole ya yi haka. Mu ma a gidan biki haka muke yi.

Nana: To Gwaggo, a koma kan baƙina. Tukunyata ba ta wuce lita 6 ba. Leda 2, yaya zan yi?

Gwaggo Rabi: Ko ki aro babbar tukunya a maƙwabta, ko ki dafa sau 2. Ki zuba lita 4 zuwa 4 da rabi, ki bar wurin kumfa, gishiri kusan cokali 2, ya ɓararraka, leda ɗaya ta shiga. Kada ki damu da tsawonta, ki tsayar da ita, cikin rabin minti gindin zai yi laushi ki tura sauran, ba sai kin karya ba. In ta yi ki tsane, ki sa mai ki rufe. Ta biyun kuma sabon ruwa, don na farko ya riga ya ɗauki sitaci. In kina da murhu na biyu ki ɗora ruwan tun ta farko tana wuta, duka aikin ba zai wuce miki rabin awa ba bayan tafasar farko.

Nana: Ruwan farkon zubarwa zan yi?

Gwaggo Rabi: Ki ɗebi kofi ɗaya ki ajiye. In miyar ta yi kauri ko taliyar ta fara kamewa kafin baƙi su zauna, ki yayyafa mata ludayi guda da zafinsa ki juya, za ta warware.

Nana: Madalla. Gwaggo, Sanusi, mun gode. Mako mai zuwa sai mu ɗauki dafa-dukar da kika ce lissafinta daban.

Gwaggo Rabi: Allah ya kai mu. Ki zo da tukunyar taki in ganta.