An yabi kayanki, ke kuma kin tura hoton zuciya kawai?

Kwanan nan masu sana'a a Instagram da Facebook suna ta ƙorafi iri ɗaya: yabo cike da shafi, ciniki kuwa shiru. To, ku dubi wannan misali da kyau.

Wannan shafin mai turaren wuta ne a Maiduguri. Wata Hajiya daga Sakkwato ta rubuto: "Kaya sun iso lafiya, ƙamshin ya kama ɗaki har washegari." Me mai shafin ta mayar? Hoton zuciya guda biyu da hannun addu'a. Shi ke nan.

Ba rashin ladabi ta yi ba, amma ta manta wa ke karanta amsar. Hajiya ta riga ta biya, turarenta ma yana kan kasko. Wadda ya kamata a yi wa magana ita ce mai leƙe, wadda ta shigo ta tsaya tana karanta sharhi ba ta ce uffan ba. Ita mai leƙen nan tsoro uku ne a ranta: in na tura kuɗi kayan za su zo? Wane iri ne ma aka yaba? Ta ina zan saya? Zuciya biyu ba ta amsa ko ɗaya.

Ga yadda za a sake rubuta ta, ku bi ni a hankali:

"Alhamdulillahi Hajiya, mun gode ƙwarai. Haɗin sandal da hawi ne kika ɗauka, ƙaramar kwalba, shi dama kaɗan ake zubawa a garwashi. Mun ji daɗi da direba ya kai Sakkwato ba abin da ya fashe. Allah ya bar zumunci."

Ku lura, ba inda ta ce "ku zo ku saya". Amma mai leƙe yanzu ta san sunan haɗin, ta san akwai ƙaramar kwalba da za a fara gwadawa, ta kuma ga ana kai kaya nesa ba fashi. Daga yabon Hajiya aka faro, aka ɗan ƙara masa haske. Dabarar ke nan: ki ɗauko abu guda da mai yabon ta ambata, ki maimaita shi, ki haɗa shi da sunan kayan. In ƙamshi ta yaba, tsaya kan ƙamshi. In saurin kaiwa ta yaba, faɗi garin da aka kai. Gari kawai fa, ban da unguwa, ban da lambar waya, ban da adadin kuɗin da ta kashe. Wata mijinta bai san ta sayi turaren ba, kada ki haɗa faɗa a gidan mutane.

In yabon gajere ne, irin "masha Allah, yana da kyau", sai ki jawo zance da tambaya: "Wanne kika fi so, na ɗaki ko na kaya?" In ta amsa, kin samu shaida ta biyu kyauta.

Akwai masu wuce gona da iri kuma. An ce musu an gode, sai su zubo jerin farashi, lambar asusun banki, da sanarwar ragin sallah. Ni dai in na ga haka, sai in ji kamar na gaisa da mutum ya miƙo min rasit. Layi ɗaya ya isa, shi ma ba a kowace amsa ba: "Mai so, lambarmu na sama a shafi." Ku tuna a Instagram in kin liƙa adireshin yanar gizo cikin sharhi, ba ya dannuwa, shi ya sa ake tura mutane sama.

Kada kuma ki kwafi amsa ɗaya ki manna wa kowa. Mai leƙe in ta gangara ta ga jimla ɗaya sau goma, sai ta fara zargin yabon ma haɗa shi aka yi.

Sauran da sauri. Sharhin da ya fi bayani, ki danna Pin ya tsaya a sama. Instagram na barin guda uku. Yabon da ya zo ta WhatsApp, ki nemi izini kafin ki ɗora shi a Status, ki rufe suna da lamba. Kuma in cikin yabon an soko ƙorafi, "turaren ya yi amma ya makara", kada ki tsallake shi. Ki ce: "Gaskiya ne Hajiya, motar ta kwana a tasha, yanzu da safe muke ba da saƙo." In dai da gaske hakan kuke yi.