Haɗaka ko Shata: Yaushe Raba Kwantena Yake Rage wa Ɗan Kasuwa Kuɗi?

Assalamu alaikum. Alhazai da Hajiyoyi, 'yan uwana 'yan kasuwa, sannunku da zuwa. Mafi yawanku daga Guangzhou ko Yiwu a China kuke sayo kaya, jirgin ruwa ya kawo su tashar Apapa ko Tin Can a Legas, mota ta ɗauko zuwa Kano. To a kan wannan hanyar zan tsaya.

A takardar farashin da ejan zai turo muku za ku ga ɗayan biyu: FCL ko LCL. Na farko kwantena ce taka kai kaɗai, kamar ka ɗauki shatar mota, ko ka cika ta ko ba ka cika ba kuɗinta ɗaya ne. Na biyu haɗaka ce, a zuba kayanka da na mutane da yawa, ka biya iya wurin da ka ci.

Wurin nan da CBM ake auna shi, wato fili mai tsawon mita 1, faɗin mita 1, tsayin mita 1. Kwantena mai ƙafa 20 tana da kusan 33 a takarda, amma kwalaye ba sa zama daram ba tare da giɓi ba, don haka ka sa ran 25 zuwa 28. Ku riƙe wannan.

Bari mu yi lissafi. Farashin da zan faɗa misali ne kawai, domin kuɗin jirgi yana hawa yana sauka. Ku sa naku a gurbinsa. A ce kwalinka santimita 60 ne da 50 da 40. Ka ninka 0.6 da 0.5 da 0.4, ya ba ka 0.12. A ce ejan ya ce dala 90 kowane CBM, kwantena guda kuma dala 2,400 har da cajin tashar sauka.

Mai kwali 50 yana da CBM 6. Mai kwali 150 yana da 18, sai ya ninka da 90 ya ga 1,620, ya ce ai haɗaka ta fi sauƙi nesa ba kusa ba. A nan ne jama'a suke faɗawa rami, kuma wallahi abin yana damuna, don na ga waɗanda ribarsu ta ƙare a wannan gaɓar. Dala 90 ɗin nan kuɗin teku ne kawai. Idan kwantenar haɗaka ta sauka, sai an kai ta sito an buɗe, an ware kayan kowa, an ba kowa takardar sakin kayansa, kuma yawancin wannan cajin ma bisa CBM ake yi. A ce ya kama 60. Kenan farashin gaskiya 150 ne. Mai kwali 50 zai biya 900, ya tsira da 1,500, haɗaka ta yi masa rana. Mai kwali 150 kuwa 2,700 zai biya, ya zarce kuɗin shata da 300, alhali da ya yi shatar ma da sauran wurin kwali kusan 60 a ciki.

To ka raba 2,400 da 150, za ka sami 16. Nan ce iyakarka a wannan misalin. Shi ya sa masu harkar suke cewa da zarar kayanka sun doshi CBM 13 zuwa 15, ka nemi farashin duka biyun. Kuɗin kwastan daban ne, shi ya danganta da irin kayan da darajarsu.

Alhaji a can baya yana tambaya, to mai tayil fa? Madalla, Alhaji. A haɗaka ana duba girma da nauyi, a caje ka da wanda ya fi yawa, kuma kilo 1,000 daidai yake da CBM 1. Tayil ɗinka ya ci CBM 4 amma ya yi tan 6, to 6 za ka biya. Masu tayil da ƙarafa da kayan gyaran mota suna isa iyakar nan da wuri fiye da masu takalma.

Sai lokaci. Haɗaka tana jiran a tara kaya kafin a rufe, tana kuma jiran a ware bayan sauka. Idan mutum ɗaya a cikinku ya ɓoye abin da bai bayyana ba, kwastan na iya riƙe kwantenar gaba ɗaya, kai da ba ka san hawa ba ka zauna jira. Mai yadin sallah ya yi tunanin wannan da kyau, don kayan da suka iso bayan an sauko daga idi sun riga sun yi asara. Kayan haɗaka kuma suna shan hannu sau da yawa, mai kaya masu saurin fashewa ya ƙarfafa kwali, ya rubuta alamarsa a kowane gefe.

Kafin ka biya ko sisi, ka ce ejan ya rubuto maka duk cajin tashar sauka, ya faɗi ko kwastan na ciki, da ranar da za a rufe kwantenar. Idan ya ce sai kaya sun iso za ka sani, nemi wani ejan. Hajiya, na ga kin ɗaga hannu, bismillah.