Kalmar sirrin BIOS a laftof: abin da ke buɗuwa da abin da ba ya buɗuwa

[Hoto: ThinkPad a kan teburin gyara, sikirin baƙi, da alamar kwaɗo a kusurwa]

Assalamu alaikum jama'a. Wannan laftof da ke gabanmu Lenovo ThinkPad T480 ce, fitowar 2018, irin 'yan gwanjon da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ta Tema su ƙare a shagunan Tip Toe Lane da ke Circle, nan Akra. In ka kunna ta Windows na tashi lafiya lau. Amma duba abin da zai faru in na danna F1 tana cikin tashi. Ga kwaɗo ya fito, tana jiran kalmar sirri. In na yi kuskure sau uku sai ta tsaya cik, sai na kashe na sake kunnawa.

Kafin a taɓa sukurudireba, sai an san wane makulli ne wannan, domin makullan laftof ba ɗaya ba ne, kuma mutane na haɗa su duka su ce "fasawod". Na Windows daban yake, shi sai bayan tambarin Windows ya bayyana ake tambayarsa. Akwai Power-On Password, wanda ke hana injin tashi ɗungurungum. Akwai Hard Disk Password, za mu dawo kansa. Namu na yau shi ne Supervisor Password, wanda Dell da HP suke kira na Admin ko Administrator. Shi ba lallai ya hana ka aiki ba. Abin da yake tsarewa shi ne saitin BIOS, wato tsarin da ke tada injin kafin Windows, wanda ake shiga da F1 ɗin nan. A ThinkPad, in shi kaɗai aka sa, danna Enter ba tare da ka rubuta komai ba, za ta bar ka ka shiga, sai dai yawancin layukan sun dushe, ana gani ba a taɓawa. Wannan gwajin shi ne zai gaya maka da wanda kake.

To me ka rasa? Ba za ka iya kashe Secure Boot ba, wato tsaron da ke hana injin tashi da manhajar da bai amince da ita ba, ba za ka iya sauya jerin abin da injin ke tashi da shi ba, in kuma kamfanin da ya mallake ta da farko ya rufe tashi daga filash, ranar da Windows ta lalace ka shiga uku. Shi ya sa da yawa ba sa sanin suna da matsalar sai bayan watanni da saye.

Yanzu maganar da kowa ke yi daga Nima har Mamobi: "Ai cire ƙaramin batirin nan kawai, ka bar shi ya kwana." Maganar tana da asali. A kwamfutar tebur ta da, saitin BIOS yana zaune ne a wata 'yar ma'ajiya da ke rayuwa da wutar batirin CR2032, wannan mai kama da kwabo, mai bolt 3. Ka cire shi, ma'ajiyar ta manta komai, har da kalmar sirri. Amma laftof abin sata ne, ana ɗauka a jaka, saboda haka masu ƙera na ofis suka kai kalmar wurin da ba ya buƙatar wuta kafin ya riƙe abu, kamar yadda filash ɗinka ke riƙe hotuna yana cikin aljihu. A T480 ɗin nan, ko batirin ya yi shekara a waje, abin da za ka samu shi ne agogo ya rikice, ta yi maka ƙorafin kwanan wata, sannan ta tambaye ka kalmar da ka manta ɗin kafin ka gyara agogon. Wato ka ƙara wa kanka aiki. Kar ka cire shi.

Inda kalmar ke zaune shi ne ke yanke hukuncin komai. A tsofaffin ThinkPad da yawa, tana cikin wata ƙaramar aisi mai ƙafa takwas da ke kan madabod, kuma a nan ne aka samo dabarar haɗa ƙafafu biyu da tsinken ƙarfe da kuke gani a bidiyoyi. A sababbi an mayar da ita hannun wata babbar aisi da ake kira EC, wadda ke kula da kibod da fanka da caji. Mai tsinken ƙarfe ba shi da abin da zai taɓa a nan, sai dai ya ƙona wani abu.

Matsayin Lenovo a rubuce yake a littafinsu na gyara: in an manta Supervisor Password babu hanyar share shi, sai a canza madabod. Dell ta ɗan fi sauƙi. Injinta na nuna lambar Service Tag da wasu haruffa huɗu a ƙarshe, irin su 595B ko 8FC8, kuma kamfanin na iya ba ka lambar buɗewa in ka tabbatar kai ne mai ita. A nan ne mai sayen gwanjo ke cijewa, domin sunan da ke rajistarsu na wani ofis ne a Turai ko Amurka. Shafukan da ke lissafa lambar buɗewa kyauta suna ci a tsofaffin injuna. A ThinkPad irin wannan babu lambar da take nunawa balle a lissafa, don haka duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi ta waya ya turo maka "babbar lamba" ta T480, kuɗinka yake so.

Hanyar da ta fi arha ita ce wadda aka fi rainawa: koma wa wanda ya sayar maka, da rasit ɗinka. "Maigida, injin nan a kulle take ta BIOS." Masu sari sukan karɓo injuna da yawa daga ofis guda, kuma sau da yawa kalma ɗaya ce a kansu duka, mai yiwuwa yana da ita a rubuce. In ba shi da ita, ka nemi canji. In kuwa kai ka sa da hannunka, zauna ka gwada a natse, ka tuna cewa BIOS na karanta maɓallan ne a tsarin kibod na Amurka, saboda haka alamomi kan sauya wuri a kibod ɗin Birtaniya ko Jamus, har Y da Z suna musanya a na Jamus.

[Hoto: an cire murfin ƙasa, kilif riƙe da aisi mai ƙafa takwas]

In duk wannan ya gagara, kuma injin taka ce da hujja, saura teburin mai gyara. Ga abin da yake yi, don ka san me kake biya.

Tun Windows na tashi, a fara ciro makullin BitLocker, tsarin Windows da ke rufe bayanan diski. Buɗe Command Prompt a matsayin Administrator ka rubuta:

```
manage-bde -protectors -get C:
```

In diskin a rufe yake, za ka ga lamba mai alƙaluma 48. Rubuta ta a takarda, ka kuma kwashe fayilolinka. Taɓa BIOS na iya sa TPM, ma'ajiyar tsaron da ke riƙe makullin diski, ta ƙi sakin sa, kuma in ba ka da lambar nan, kwaɗo ya buɗe amma aikinka ya tafi.

Sannan a zare caja, a cire batirin waje, a zare wayar na ciki, domin T480 batiri biyu gare ta. A damƙe aisin BIOS da kilif, a haɗa da furogirama, galibi CH341A. Hattara, akwai wata aisin mai kama da ita a bod ɗin, ta Thunderbolt, mai megabait 1. Ta BIOS megabait 16 ce. Sai a jona furogiramar a wata kwamfuta mai Linux, a karanta aisin BIOS ɗin sau biyu, a gwada:

```
sudo flashrom -p ch341a_spi -r na1.bin
sudo flashrom -p ch341a_spi -r na2.bin
sha256sum na1.bin na2.bin
```

Dole dogayen lambobi biyun da sha256sum ya fitar su zo iri ɗaya, harafi da harafi, girman kowane fayil kuma ya zama bait 16,777,216. In sun bambanta, kilif bai zauna ba. In ka buɗe fayil ka ga FF ne daga sama har ƙasa, ba a karanta komai ba, kuma irin wannan fayil zai yi daidai da ɗan'uwansa ya yaudare ka, saboda haka a leƙa ciki da ido. Na daɗe a nan ne da gangan, domin wannan fayil shi ne kaɗai hanyar dawowa. A cikinsa akwai abubuwan da na wannan injin ne ita kaɗai, har da lambar katin sadarwarta. Yaron shagon da ya yi gaggawa ya rubuta fayil ɗin wata injin a kai ba tare da ya ajiye na asali ba, zai iya miƙo maka laftof da ba ta kawo hoto kwata-kwata. Ka tambayi mastansa kai tsaye: "Masta, an ajiye na asali? A zuba mini shi a filash." Wani abu kuma, aisin nan bolt 3.3 take so, wasu na sababbin injuna 1.8, alhali yawancin baƙaƙen CH341A na kasuwa suna tura kusan bolt 5 ta layukan saƙo sai an gyara su. Mai gyaran kirki ya auna nasa da mita.

Kalmar ba ta cikin wannan fayil, kar ka sa ran karanta ta. Abin da ake yi shi ne a rubuta kwafin da aka yi wa kwaskwarima na ɗan lokaci, a tada injin da shi ya sa a share kalmar daga inda take, sannan a mayar da na asali. Dabarar na ci a injunan zamanin T480. A na bayansu an toshe ƙofar, aiki ya koma kan EC ɗin kanta, da kayan aiki masu tsada, wani lokacin har da ɗaga aisin da iska mai zafi. A nan sai ka yi lissafi: kuɗin aiki da haɗarin mutuwar bod a gefe guda, kuɗin madabod ɗin gwanjo mara kulle a ɗaya gefen. In injin na tashi, kuma F12 na barin ka ka zaɓi filash, ni shawarata ka bar ta haka ka ci gaba da aikinka.

Ko an yi nasara, akwai abin da bai motsa ba. Hard Disk Password a cikin diskin yake zaune, ko ka kai shi wata injin zai bi ka, kuma mafita yawanci sabon diski ne, bayanan ciki sun tafi. In kuma tsohon ofishin ya yi wa injin rajista a Windows Autopilot, duk sanda ka saka sabuwar Windows ta hau intanet, sunan ofishin zai iya fitowa yana neman ka shiga da adireshin ma'aikacinsu. Wannan rajistar a sabar Microsoft take, kilif ba ya kaiwa can, ofishin ne zai cire. Haka Absolute, wanda a da ake kira Computrace: in an kunna shi, mai injin na asali na iya bibiyarta ko ya kulle ta daga nesa. Shi ya sa mai gyaran da ya san ciwon kansa ke neman rasit kafin ya kwance murfi, don injin sata ba ta zama halal saboda kwaɗo ya buɗe.

In za ka je Circle sayen laftof, kafin ka ƙirga sidi ko ka tura kuɗi ta waya, kashe ta gaba ɗaya ka kunna da hannunka. Danna F1 a ThinkPad, F2 a Dell, F10 a HP. Shiga Security, ka tabbatar ba a sa wata kalmar sirri ba, ka duba layin Absolute. Sauya wani ƙaramin saiti, ka adana, ka sake tada ta ka ga ko ya zauna. In mai shago ya ce "bari yaro ya shigar maka", ce masa ya cire kalmar a gabanka: ya rubuta tsohuwar, ya bar gurbin sabuwar fayau, ya danna Enter, ya adana.