Allon da ke cika: abin da kuɗinka ke saya idan takardar mai tsawo ce

Jama'a, barkanmu da wannan lokaci. A ce an ba ka aikin fassara wani rahoto daga Turanci zuwa Hausa, kalmomi 60,000, wajen shafi 200. Ka biya kuɗin wata na ɗaya daga cikin manhajojin nan masu hira da mutum irin su ChatGPT, domin ka ga an rubuta cewa tana ɗaukar littafi guda a lokaci ɗaya. Ka ɗora rahoton, ta karɓa. Ka ce a fassara maka shi duka. Sai ga fassara ta fito, amma ko babi na farko ba ta ƙare ba ta tsaya cak a tsakiyar jimla. Ba manhajar ce ta lalace ba. Lambobi biyu ne ke aiki a nan, kai kuma ɗaya kaɗai ka duba kafin ka biya.

Lamba ta farko ita ce za ka gani an rubuta context window. Ka ɗauke ta kamar allon makaranta. Duk abin da na'urar da ke cikin manhajar za ta iya gani a lokaci guda sai ya kasance a kan allon nan: takardar da ka ɗora, umarnin da ka bayar, hirar da kuka yi tun farko, har da amsar da take rubutawa yanzu. Allo ɗaya ne, kuma ba a ƙara masa faɗi. Idan ya cika, ko dai a ce maka hirar ta kai iyaka, ko a wanke wani sashe domin a samu wurin sabon rubutu.

Ba da kalma ake auna allon ba, da tokin ake auna shi. Tokin gutsuren kalma ne. A Turanci, kalmomi 75 kan kama tokin 100 ko kusa da haka. Hausa kuwa ta fi cin wuri, domin an gina abin da ke yanka rubutun ne galibi a kan Turanci, saboda haka kalmarmu guda sai a datsa ta gida biyu ko uku, musamman mai ƙ ko ɗ ko ɓ. Wannan abu yana damuna ƙwarai: kuɗi ɗaya muke biya da mai rubutu da Turanci, amma namu allon ya fi saurin cika.

Lamba ta biyu ita ce iyakar amsa, wato yawan tokin da na'urar za ta iya rubutawa a amsa guda, kuma ta fi ta farko ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Misali, GPT-4 Turbo na kamfanin OpenAI da ya fito a Nuwamban 2023 yana karanta tokin 128,000, amma 4,096 kawai yake rubutawa a amsa ɗaya. Gemini 1.5 Pro na 2024 ya kai tokin miliyan 1 wajen karatu, amsarsa kuma 8,192. Sababbin da suka biyo baya sun faɗaɗa amsar sosai, amma giɓin bai rufe ba. Babbar lambar ce ake sakawa a talla, ƙaramar sai ka tona.

To, mu koma kan rahotonmu mu yi lissafi. Mu ƙaddara allonka tokin 128,000 ne, iyakar amsa kuma 8,000. Kalmomin Turanci 60,000 sun kama tokin 80,000. Ya shiga, saura wurin 48,000. Idan taƙaitawa kake so, ko tambayoyi kan abin da ke ciki, ka more, domin amsar ba ta da tsawo.

Fassara kuwa wani abu ne daban, domin abin da zai fito ya kai tsawon abin da ya shiga, ko ya fi. Mu ce kowace kalmar Hausa ta ci tokin 2. Amsa guda ke nan ba za ta wuce kalmomi 4,000 ba, kuma bayan amsar farko sai ka ce "ci gaba" aƙalla sau 14 kafin aikin ya ƙare. Ga inda gizo ke saƙar: kowace amsa a kan allon nan take zama. Wurin 48,000 ya rage maka, kowace amsa tana cin 8,000. A amsa ta 6 allo ya cika, alhali ko rabin rahoton ba ka kai ba.

Yaya za ka gane an fara wanke allo? Ka lura da kalmomin da kuka tsayar tun farko. Ka ce a riƙa rubuta "ƙaramar hukuma", a babi na 5 sai ka ga wata kalma ta maye gurbinta. Ko sakin layi mai jimla 10 ya dawo jimla 3, wato an koma taƙaitawa maimakon fassara. Wannan na biyun ya fi haɗari, domin rubutun yana karantuwa lafiya lau, sai ka ajiye shi gefe da gefe da na asali sannan za ka ga an ci maka rabi. Masu aiki ta API, wato masu haɗa tasu manhajar kai tsaye da na'urar, su nasu da sauƙi: idan amsa ta yanke saboda iyaka, a na OpenAI za ka ga `finish_reason` ya nuna `length`, a na kamfanin Anthropic kuma `stop_reason` ya nuna `max_tokens`.

Akwai kuma abin da ya kamata ka duba kafin ka biya. Lambar da aka rubuta wa na'urar ba lallai ita ce ake ba ka a matakin da ka saya ba. A farkon 2025, shafin farashin ChatGPT ya nuna tokin 8,000 ga na kyauta, 32,000 ga Plus, 128,000 ga Pro. Da allon 32,000, rahotonmu mai tokin 80,000 ba zai shiga gaba ɗaya ba. Amma manhaja kan karɓi fayil ɗin duk da haka, ta yanka shi gunduwa-gunduwa, ta riƙa zaƙulo sassan da take ganin sun dace da tambayarka. Don haka karɓar fayil ba shaida ce ta an karanta shi duka ba. Ko ya shiga duka ma, wani bincike na 2023 ya nuna cewa na'urorin sun fi riƙe abin da ke farko da ƙarshen dogon rubutu, na tsakiya kan kuɓuce musu. Gwada da kanka: tambayi wani adadi da ke shafi na 110, wanda ka riga ka san amsarsa.

Da ni ne da wannan aikin, ba zan ɗora rahoton gaba ɗaya don fassara ba. Sau ɗaya zan ɗora shi, in nemi jerin muhimman kalmomi da sunaye, in zauna in tsayar da fassarar kowanne da hannuna. Daga nan in yanka rahoton kashi 20, kowanne kalmomi 3,000. Kowane kashi in buɗe masa sabuwar hira, in liƙa jerin kalmomin nan a sama, sannan rubutun. Kalmomi 3,000 za su fito a tokin 6,000 zuwa 7,000, ƙasa da iyakar amsa, allon kuma ba zai kusa cika ba, ko da na 32,000 ne. Idan kashi ya fito, in ƙirga sakin layinsa in gwada da na asali kafin in wuce na gaba.