Me Lambobin 5W-30 da 20W-50 Suke Nufi a Jikin Galan Ɗin Baƙin Mai?

Ku ɗauki galan ɗin baƙin mai ku duba gabansa. Za ku ga SAE 5W-30, ko 15W-40, ko 20W-50. A gareji sau da yawa za ku ji ana cewa wannan mai kaurinsa 5 ne da sanyi, idan injin ya ɗau zafi sai ya ƙara kauri ya kai 30. Ba haka ba ne. Babu baƙin man da zafi ke ƙara wa kauri, kowanne tsinkewa yake yi. Lambobin nan biyu sakamakon gwaji ne iri biyu, ɗaya cikin tsananin sanyi, ɗaya cikin zafi, kuma ba a ma'auni guda suke ba.

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE, mai hedikwata a Amurka, ita ta tsara wannan rabe-rabe a ƙa'idarta mai lamba J300. Lambar da ke jikin galan sunan aji ne, ana ba mai ita idan ya faɗa cikin iyakokin ajin.

Mu fara da ta biyu, don ita ta fi shafar injin da ke kan titi. Ana dafa man ya kai digiri 100 a ma'aunin Salshiyos, a bar shi ya gangara ta cikin siririn bututun gilashi, a auna lokacin da ya ɗauka. Sakamakon ana rubuta shi da cSt, ma'aunin kaurin ruwa. Man da ya ba da daga 9.3 zuwa ƙasa da 12.5 ajin 30 ne. Daga 12.5 zuwa ƙasa da 16.3 ajin 40. Daga 16.3 zuwa ƙasa da 21.9 ajin 50. Kun ga kowane aji fili ne mai faɗi, shi ya sa mai biyu za su iya ɗaukar lamba 30 amma ɗaya ya fi ɗaya kauri ƙwarai.

Gangara a bututu bai isa ba, domin a cikin injin mai ba ya tafiya a natse. Tsakanin karanshaf da metal ɗinsa ana murza shi ne a ɗan siririn gibi, cikin gudu da zafi. Saboda haka akwai gwaji na biyu a digiri 150 tare da murza mai tsanani, wanda takardar bayanin mai ke kira HTHS. A nan ana auna kauri da wani ma'auni mai suna mPa·s, kuma ajin 30 dole ya riƙe aƙalla 2.9, ajin 50 kuma 3.7. Wannan adadi shi ke nuna ko shimfiɗar man za ta hana ƙarfe goga ƙarfe.

Yanzu lambar farko, mai harafin W, wanda ke nufin hunturu. Ita ma gwaji biyu ne. Na farko yana tambaya: batir da kik za su iya juya injin cikin wannan sanyi? Man 5W ana gwada shi a digiri 30 ƙasa da sifili, kuma kada kaurinsa ya wuce 6,600 mPa·s. Na 10W a 25 ƙasa da sifili, na 15W a 20, na 20W a 15. Wato duk matakin W guda, digiri biyar ne na sanyi.

Gwaji na biyu yana duba ko famfon mai zai iya zuƙo shi. Ana sanyaya man a hankali har ya fi na gwajin farko sanyi da digiri biyar, kuma kada ya wuce 60,000 mPa·s, kada kuma ya daskare. Dalilin sanyayawa a hankali shi ne akwai kakin da ke cikin mai, wanda ke haɗuwa ya kama jikinsa kamar yadda man ja ke yin barci da hunturu. Injin zai iya tashi lafiya, famfo ya zuƙi ɗan man da ke bakinsa, rami ya buɗe, sauran man ya ƙi gangarowa, sai iska ta shiga. Cikin mintuna kaɗan injin ya buga, alhali mai cike yake a ƙasa.

Bari mu bi wani mai mu ba shi lamba. A ce a digiri 100 ya ba da 10.5 cSt, a gwajin murza kuma 3.1. Ajin 30 ke nan. A sanyin 30 ƙasa da sifili ya ba da 6,000, ya kuma ci gwajin famfo a 35, amma ya kasa cika sharaɗin 0W. Sunansa 5W-30, domin ana ba mai mafi ƙanƙantar lambar W da ya ci. Da a ce 7,200 ya ba da a wannan sanyi, ya faɗi 5W, sai a gwada shi a 25, idan ya ci ya zama 10W-30. Lambar zafinsa ba ta motsa ba.

To yaya mai ɗaya yake cin gwaji biyu? Ana fara wa da tushen mai marar kauri, a zuba masa wasu sinadarai masu dogayen zare da ake kira polima. Tasirinsu kan kauri ya fi yawa idan an yi zafi, don haka man yana tsinkewa, amma a hankali. Man 5W-30 na yau da kullum yana kusan 60 cSt a digiri 40, ya sauko kusan 10 a digiri 100. Na 20W-50 kuwa yakan haura 150 a digiri 40.

Waɗannan zaren suna da rauni. Murza tana tsittsinka su, kuma wanda ya tsinke ba ya haɗuwa. Fetur ma yana sulalewa ta gefen fistin ya shiga mai, musamman a motar da ke gajeren zirga-zirga cikin gari ba ta gama ɗaukar zafi ba. Man namu mai 10.5 idan ya sauko 9.0, ya fita daga ajin 30 ya koma 20. Alamunsa: fitilar mai tana ƙiftawa idan injin ya yi zafi yana silo, sandar awo tana warin fetur, ko man ya ƙaru maimakon ya ragu.

Wani zai ce a Kano ko Zinder ina ruwanmu da W, tunda dusar ƙanƙara ba ta sauka? Gaskiya ne famfo ba zai kasa zuƙo 20W a ƙasarmu ba. Amma ga injin, digiri 15 na safiyar hunturu, kai har 35 na rana, duk sanyi ne, domin aikinsa yana kusa da 100. Mai kauri yana jinkirin kaiwa saman injin bayan an tayar, kuma sababbin injuna suna amfani da matsin mai wajen sarrafa lokacin buɗe bawul ta ƙananan hanyoyi. Zuba 20W-50 a injin da aka ƙera don 0W-20 saboda wai garinmu da zafi yana ƙara shan fetur, yana kuma iya kunna fitilar gargaɗi. Tsohon injin da littafinsa ya yarda da 20W-50, wannan daban ne.

Lambobin SAE ba sa faɗin ingancin mai ko tsawon kilomitan da zai yi kafin juye. Ingancin yana ga alamar API ko ACEA da ke bayan galan, wato matakan ingancin mai na Amurka da na Turai, sai a haɗa ta da abin da littafin motar ya nema.