Yadda Ake Ajiye Ƙaramin Fayil Daga Mahaɗi Kai Tsaye

Malama: Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Yau za mu duba yadda ake ajiye ƙaramin fayil da burauza kaɗai, wato manhajar buɗe shafukan intanet irin su Chrome, ba tare da wata manhaja ba. Malam, mene ne mahaɗi kai tsaye?

Malam: Shi ne mahaɗin da yake kai mutum ga fayil ɗin kansa, ba ga wani shafi da ke tsakani ba. Galibi ana gane shi daga ƙarshen adireshin, kamar .pdf ko .jpg ko .mp3. A kwamfuta, idan kika ɗora kibiyar linzami a kan mahaɗin ba tare da kin danna ba, adireshin zai bayyana a ƙasan allo ta hagu.

Malama: Mu ɗauka ɗalibi ne yake son jadawalin jarrabawa, adireshin kuma ya ƙare da jadawali.pdf. Me zai yi?

Malam: A Chrome, zai danna maɓallin dama na linzami a kan mahaɗin, ya zaɓi Save link as. Akwati zai buɗe yana nuna sunan fayil da inda za a ajiye shi, yawanci foldar Downloads. A nan nake roƙon mai koyo ya ɗan dakata, ya karanta sunan kafin ya danna Save, domin yawancin matsalar a wannan akwatin take bayyana.

Malama: Wace irin matsala, Malam?

Malam: Idan sunan ya ƙare da .html maimakon .pdf, to mahaɗin ba kai tsaye ba ne, kuma abin da zai sauka shafin intanet ne kawai, babu jadawali a ciki. Sai ya danna Cancel, ya buɗe shafin ya nemo ainihin mahaɗin. Wanda ya fi damuna shi ne a ga .exe ko .apk alhali takarda ake nema. Wannan manhaja ce da ake girkawa, kada ya ajiye ta.

Malama: Mafi yawan masu sauraronmu kuwa da waya suke aiki.

Malam: A Chrome na Android, ya ɗora yatsa a kan mahaɗin ya riƙe har zaɓuɓɓuka su fito, ya taɓa Download link. Daga nan ya taɓa ɗigo ukun da ke sama, ya shiga Downloads, zai tarar da shi.

Malama: To ta yaya zai tabbatar saukar ta kammala?

Malam: A kwamfuta mai Windows ya danna Ctrl+J ya ga jerin abubuwan da ya sauke. Muddin sunan fayil yana ƙarewa da .crdownload a cikin folda, Chrome bai gama ba, sai ya jira. Da ya koma jadawali.pdf, ya kashe data ya buɗe shi. Idan ya buɗu, fayil ɗin ya zauna a na'urarsa.